Kamu daban, hukunci daban: iyakar binciken da mai ɗaukar aiki zai yi maka a Ghana

Duk wanda ya taɓa cike takardar neman aiki a wani babban kamfani a Accra ko Tema ya san tambayar nan da ake sakawa can ƙasa, kusa da wurin sa hannu: shin kotu ta taɓa kama ka da laifi? A gefe kuma a rubuta cewa sai ka kawo takardar shaidar 'yan sanda, wadda mutane suka fi kira folis rifot. Matasa da yawa a Nima da Maamobi da Sabon Zango a nan suke tsayawa. Wani ya ninke takardar ya sa a aljihu, bai ƙara komawa ba, don ya taɓa kwana biyu a bayan kanta lokacin da aka yi samame a majalisarsu ta shan shayi. Wani kuma ya rubuta "a'a" alhali ya taɓa biyan tara a kotu, don shi a ganinsa wanda bai shiga gidan yarin Nsawam ba ba shi da tabo. Na farkon ya cuci kansa a banza, na biyun kuma ya haƙa wa kansa rami. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: dukansu ba su san ainihin abin da ke rubuce a kansu ba.

Tsarin mulkin Ghana na 1992 bai bar wannan magana a duhu ba. Sashe na 19 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi, a ɗauke shi a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa, ko kuma shi da bakinsa ya amsa. Ke nan kamu ba hukunci ba ne, tsarewa a ofishin 'yan sanda ba hukunci ba ce, beli ba hukunci ba ne, kai ko zaman jiran shari'a a gidan yari ba hukunci ba ne komai daɗewarsa. Shirin nan na Justice for All da aka fara a 2007 an kafa shi ne domin mutanen da suka yi shekaru a tsare ba tare da an gama shari'arsu ba, kuma wanda aka sallama a cikinsu ba tare da an same shi da laifi ba, a idon doka bai taɓa yin laifi ba. Hukunci yana tabbata ne ranar da alƙali ya ce ya same ka da laifi, ko ranar da ka amsa laifi kotu ta karɓi amsar.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce wani matashi ne ɗan Nima mai shekara 27, yana da lasisin tuƙin babbar mota, yana neman aikin direba a wani kamfanin rarraba kaya a Tema. A 2019 faɗa ya haɗa shi da wani a tashar mota, aka kama shi, aka ɗauki hoton yatsunsa, aka gurfanar da shi a kotun gunduma bisa tuhumar duka. Daga nan labarin zai iya bin hanya uku, kuma kowace hanya da amsarta a kan takardar neman aiki.

Hanya ta farko ita ce wadda aka fi gani a zango. Manya suka shiga tsakani, liman da kawunnai suka je gidan wanda aka doka, aka biya kuɗin magani, aka koma kotu aka ce an sasanta. Dokar kotuna ta 1993, mai lamba 459, a sashe na 73, ta ba alƙali damar ƙarfafa sulhu a ƙananan laifuffuka irin wannan, ya kuma rufe shari'ar idan ya gamsu. A nan babu hukunci. Haka kuma idan mai ƙara ya daina zuwa, kotu ta gaji ta kori ƙarar. Hanya ta biyu, an yi shari'a har ƙarshe, alƙali ya ce ba a tabbatar da laifi ba, ya wanke shi ya sallame shi. Nan ma babu hukunci, kuma wannan ta fi kowace ƙarfi, don ba a sake gurfanar da mutum a kan laifin da aka riga aka wanke shi.

Hanya ta uku ita ce ke cin mutane. Wani ya raɗa wa yaron cewa ya amsa laifi kawai a wuce wurin, ya amsa, alƙali ya ci shi tara, 'yan uwa suka yi karo-karo suka biya, kafin la'asar yana gida yana cin tuwo. Kowa ya ce Alhamdu lillahi, magana ta mutu. To ba ta mutu ba. Tarar da kotu ta ci mutum bayan ya amsa laifi hukunci ce cikakkiya, ko da ƙafarsa ba ta taɓa taka gidan yari ba. Ina ganin da iyaye sun san haka, da ba su riƙa matsa wa 'ya'yansu su amsa abin da ba su yi ba don gudun jeka-ka-dawo na kotu. Wahalar wata uku ce ake gudu, a ɗauko wadda za ta bi yaro shekara da shekaru.

Saboda haka abu na farko da matashin nan zai yi, tun kafin ya taɓa takardar kamfani, shi ne ya koma kotun da aka kai shi. Ya je wurin magatakarda da sunan kotun, da shekarar, da lambar shari'ar idan yana da ita, ya nemi kwafin sakamakon shari'ar mai hatimin kotu da ke tabbatar da cewa daidai yake da na asali. Idan lambar ta ɓace, takardar beli ko rasidin tara sukan taimaka wajen nemo fayil ɗin. Wannan takarda ita ce za ta faɗa masa ko wace hanya ce tasa cikin ukun, ba abin da kawu yake tunawa ba.

Abu na biyu, ya nemi takardar shaidar 'yan sandan da kansa. Sashen binciken manyan laifuka, wato CID, shi ke bayar da ita, kuma hedikwatarsa tana kan Ring Road a Accra. Za ka je da katin shaida, ka cike takarda, ka biya kuɗin da aka ƙayyade a ba ka rasidi, a ɗauki hoton yatsunka, a gwada da abin da ke ajiye a rumbunsu, sa'an nan a ba ka sakamako. Kada ka ba ɗan goro, wato mai shiga tsakani, kuɗi a bakin ƙofa ya ce zai fito maka da ita "fes" ba tare da yatsa ba. Kamfanonin da suka san aikinsu sukan tabbatar da takarda daga inda ta fito, kuma gabatar da takardar jabu laifi ne mai zaman kansa, wanda ya fi faɗan tasha nauyi nesa ba kusa ba. Amfanin neman takardar da wuri shi ne ka ga abin da mai aiki zai gani kafin ya gani. Fayil ɗin 'yan sanda da na kotu ba a ɗaki ɗaya suke ba. Idan an rubuta shigarka ba a rubuta fitarka ba, takardar kotu mai hatimi ita ce za ka ɗauka ka koma da ita ka nemi a gyara, kuma gara a yi wannan gyara yau da a yi shi ana saura kwana biyu a rufe karɓar takardu.

Yanzu sai tambayar kanta. A karanta ta da natsuwa, don a Turanci take zuwa, kuma kalma ɗaya ce ke raba gardama. Idan an rubuta "convicted", hukunci ake tambaya, kuma matashin da aka yi wa sulhu ko aka wanke zai amsa "a'a" da zuciya ɗaya, bai yi ƙarya ba, bai kuma ɓoye abin da aka tambaye shi ba. Idan an rubuta "arrested" ko "charged", kamu ko tuhuma ake tambaya, kuma amsarsa "i" ce, sai ya ƙara layi ɗaya: an tuhume ni a 2019, kotu ta rufe shari'ar ba tare da hukunci ba, ga takarda a haɗe. A ra'ayina tambayar kamu ba ta dace da aikin tuƙa motar kaya ba, musamman ga unguwannin da samame kan kwashe mai laifi da mai wucewa a mota ɗaya. Amma rashin dacewar tambaya ba ya halatta maka amsar ƙarya. Kana iya tambayar dalilin da ya sa suke buƙatar sani, kana iya amsawa da bayani, ƙaryar ce kawai ba ka da ita.

To ina iyakar mai ɗaukar aiki? A nan ne Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2012, mai lamba 843, take shigowa, kuma mutane kaɗan ne suka san da ita. Dokar ta ware wasu bayanai ta ce na musamman ne, ba a taɓa su haka kawai: addinin mutum, ƙabilarsa, lafiyarsa, ra'ayinsa na siyasa, da abin da ya shafi aikata laifi ko zarginsa. Sashe na 37 ya hana sarrafa irin waɗannan bayanai sai da yardar mai su, ko kuma idan akwai larura da doka ta amince da ita, kamar wani nauyi da doka ta ɗora wa mai aiki. Shi ya sa kamfanoni ke ba ka wata takarda daban su ce ka sa hannu ka yarda a bincike ka. Wannan sa hannun ba ado ba ne. Kafin ka sa, kana da damar sanin me za a bincika, don me, wa zai yi binciken, kamfanin da kansa ko wani da suka ɗauko haya, da kuma wa zai ga sakamakon.

Dokar ta kuma ce a sashe na 19 bayanin da za a tara ya zama wanda ake buƙata, mai alaƙa da manufar, kada ya wuce kima. Kamfanin da ke neman direba yana da hujjar duba lasisinsa da tarihin tuƙinsa, kuma tunda kaya zai ɗauka, yana da hujjar son sanin ko an taɓa hukunta shi kan sata. Amma ya shiga tambayar wane masallaci yake zuwa, ko wace jam'iyya yake yi, ko ya aika wani unguwarsu a ɓoye ya ji bakin maƙwabta, wannan ya fita daga manufar. Asali ma dokar ta fi son a karɓi bayani daga bakin mai shi, sai in ya yarda a nemo daga wani wuri, ko kuma bayanin yana cikin abin da jama'a ke da damar gani. Wannan togaciyar ta ƙarshe tana da muhimmanci a fahimce ta: shari'ar babban mutum a bainar jama'a ake yi, kuma abin da ka saka da hannunka a Facebook kowa ya gani, ba za ka dawo ka ce sirri ne ba. Bayan an gama, ba a yarda kamfani ya riƙe bayanan fiye da lokacin da ake buƙatarsu ba, ko ya bar takardar shaidarka a kan tebur masinja da mai gadi su karanta, ko ya miƙa wa wani kamfanin.

Sai kuma maganar da ba ta da daɗin ji, amma gara a faɗe ta. Duk waɗannan dokoki suna tsara yadda za a yi binciken ne, ba su tilasta wa kowa ya ɗauke ka ba. Sashe na 17 na tsarin mulki ya hana nuna bambanci saboda jinsi, launin fata, ƙabila, addini, aƙida, ko matsayin mutum a arziki da zamantakewa. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ta maimaita wannan a sashe na 14, ta ƙara naƙasa da siyasa. Tarihin hukunci ba ya cikin jerin. Idan ka ƙi yarda a bincike ka, mai aiki zai iya cewa to ya haƙura da kai. Akwai ma ayyukan da doka ce da kanta ta rufe ƙofa: dokar bankuna ta 2016, mai lamba 930, ta hana wanda aka hukunta kan zamba ko rashin amana zama darakta ko babban jami'in gudanarwa a banki, kuma aikin soja da ɗan sanda da shige-da-fice duk suna sharɗanta rashin tarihin laifi a sanarwar ɗaukar aiki. A irin waɗannan wurare roƙo ba ya aiki.

A kula kuma da shawarwarin da ke yawo a waya. Za ka ji wani yana cewa bayan shekara bakwai komai yana gogewa, ko an hana mai aiki tambayar laifi kafin ganawa. Waɗannan maganganu daga dokokin Amurka aka tsinto su, kuma ko a can ba haka kai tsaye suke ba. Birtaniya tana da dokar 1974 da ke sa wasu hukunce-hukunce su daina ƙirguwa bayan wani lokaci. Ghana ba ta da irin wannan ga manya, kuma ina ganin babban giɓi ne: mutumin da ya biya tarar faɗa yana ɗan shekara 20 bai kamata ya ci gaba da amsa tambayarta yana ɗan shekara 45 ba. Inda doka ta yi sassauci shi ne ga yara. Dokar shari'ar ƙananan yara ta 2003, mai lamba 653, ta ba wanda aka hukunta yana ƙasa da shekara 18, ko danginsa na kusa, damar roƙon kotu ta goge hukuncin bayan cikar wasu shekaru, ban da manyan laifuffuka irin su kisa da fyaɗe. Gogewar ba ta zuwa da kanta, sai an nema. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya tuntuɓar hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa.

Mu koma ga direbanmu. A ce sulhu aka yi masa, ya amsa "a'a" daidai, sai kuma aka kira shi aka ce bincike ya nuna yana da tabo, an janye tayin. Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai mai binciken ya ga tuhuma ya ƙirga ta hukunci, ko kuma da suna aka yi binciken ba da yatsa ba, aka haɗa shi da wani. A zango wannan na biyun ba abin mamaki ba ne. Layi ɗaya kana iya samun Muhammad Awwal uku, ga kuma bambancin rubutu, yau Isa, gobe Issah, a takardar makaranta wani, a Ghana Card wani. Hanyar gane an yi irin wannan kuskure ita ce ka dubi ranar haihuwa da kotun da shekarar da aka ambata a rahoton. Idan an ce kotun Kumasi a shekarar da kake makaranta a Accra, ka san da wani ake magana.

Amma ba za ka duba rahoton da ba ka gani ba, don haka ka nema a rubuce. Dokar 843 ta ba ka damar tambayar duk wanda ke riƙe da bayananka ya faɗa maka me yake riƙe da shi, daga ina ya samo, kuma wa ya ba. Sashe na 35 ya ba shi kwana 40 ya amsa, sashe na 33 kuma ya ba ka damar neman a gyara ko a goge bayanin da ba daidai ba, ko wanda ya tsufa, ko mai ɓatarwa. Wasiƙar ba sai ta yi tsawo ba. Ka rubuta cikakken sunanka, da aikin da ka nema, da ranar da aka sanar da kai, ka ce kana neman kwafin bayanan da aka tara a kanka da tushensu bisa wannan doka, ka haɗa takardar kotu da ta CID, ka roƙi a sake duba shawarar. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Ka yi ta cikin ladabi, don sau da yawa jami'in ɗaukar ma'aikata shi ma bai san an kawo masa rahoton wani ba, kuma gyara cikin mako guda ya fi maka amfani da nasara bayan shekara. Idan suka yi shiru ko suka ƙi, Hukumar Kare Bayanai ita ke karɓar ƙorafi a kan wannan. Idan kuwa kana da shaidar cewa addininka ko ƙabilarka ce ainihin dalili, binciken fakewa ce kawai, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wato CHRAJ, tana sauraron irin wannan ƙorafi ko da a kan kamfani mai zaman kansa ne.

A ce kuma hanya ta uku ce tasa, ya amsa laifi ya biya tara. To ya rubuta "i". Na san akwai masu cewa ai idan ka rubuta haka ko kiranka ba za a yi ba, kuma wani lokacin gaskiyarsu. Sai dai a duba ɗaya gefen. Wanda ya ɓoye, aka ɗauke shi, aka gano bayan wata biyu, ba saboda faɗan 2019 za a kore shi ba, saboda ƙaryar bana ce, kuma ita ce za ta bi shi zuwa kamfani na gaba idan suka buga waya suna tambayar halinsa. Ga shi kuma kariyar da Dokar Ƙwadago ta bayar a kan korar zalunci ba ta rufe wanda ke cikin lokacin gwaji ba, wanda shi ne daidai lokacin da sakamakon bincike ke dawowa.

Yadda za a faɗi gaskiyar ma da dabara. Kada a tsaya dogon labarin waye ya fara zagi. Jimla uku sun isa: "Yallaɓai, a 2019 an ci ni tara kan faɗa a tasha, na biya, ga takardar kotu. Tun daga lokacin ban sake shiga wata rigima ba, ga shaidar 'yan sanda ta bana. Laifin bai shafi tuƙi ko dukiyar kowa ba." Jimla ta ukun ita ce mai nauyi, don tana nuna wa mai aiki abin da ya kamata ya auna: irin laifin, tsawon lokacin da ya wuce, da alaƙarsa da aikin. Sa'an nan ya zo da masu tsaya masa waɗanda suka san maganar tun farko. Wasiƙar liman ko Sarkin Zango tana da daraja, amma wasiƙar uban gidan da ya tuƙa wa mota shekara uku bayan hukuncin, mai ɗauke da kwanan wata da lambar wayar da za a kira a samu mutum, ita ce ta fi amsa tambayar da ke ran mai kamfani, wato ko zai iya miƙa masa makullin mota da kayan da ke cikinta ya tafi Tamale ya dawo.